Wasiƙa zuwa ga sakatarori da masu riƙe da wasiƙun ofis



Shugaba ya dawo daga tafiya, ya tarar da imel talatin a kan magana ɗaya, sai ya ce da ɗayanmu, "Taƙaita min." Yawancinmu mukan ba shi labarin yadda hirar ta gudana, wane ya ce kaza, wance ta amsa da kaza. Shi kuwa hannu zai sa a takardar kuɗi. Abin da yake nema shi ne wa ya amince, da me ya amince, kuma a bisa wane sharaɗi.

Mu ɗauka ofis zai sa sola. Ranar Litinin injiniya ya turo ƙiyasin naira miliyan 4. Ranar Talata ma'aji ta rubuta cewa ta yarda idan an kawo farashi daga dillalai uku. Ranar Laraba injiniya ya ce batura sun tashi, ya turo sabon ƙiyasi na miliyan 4 da dubu 600. Mataimakin shugaba ya amsa da "Noted". Ranar Alhamis manajan reshe ya rubuta, "Na amince." Mai gaggawa zai rubuta cewa kowa ya yarda da miliyan 4 da dubu 600, alhali babu ko mutum ɗaya da ya yarda da wannan kuɗi.

Ku fara da manajan, domin nasa ya fi ɓuya. Saƙonsa ya zo bayan sabon ƙiyasi, amma zuwa daga baya ba ya nuna abin da mutum yake amsawa. Ku buɗe rubutun da ke ƙarƙashin amsarsa. A Gmail ɗigo uku ne ke ɓoye shi, sai an danna. Idan saƙon Litinin ne a wurin, to miliyan 4 ya amince da ita. Sannan ku duba layin To da Cc na saƙon Laraba. Sau da yawa wani ya danna Reply maimakon Reply all, sunan mutum ya faɗi daga jerin, aka ci gaba da magana ba da shi ba. Wanda bai ga sabon farashi ba ba a ɗora masa amincewa da shi.

Ita ma'aji ba ta ƙi ba, amma yardarta na rataye da sharaɗi. Wannan "idan" ɗin shi ne abu na farko da taƙaitawa ke cinyewa, kuma shi ne zai tayar da rigima ranar biyan kuɗi. Ku kwafe sharaɗin da kalmominta, ku kuma bincika ko an cika shi. In farashin dillali ɗaya kawai ke cikin saƙonnin, ku faɗa a fili.

Na mataimakin shi ne ya fi damuna, saboda mun san halin mutanenmu. Kara da kunya sukan hana mutum ya ce a'a a gaban jama'a, balle a rubuce. Sai ya ce "Na gani", ko "Allah ya sa alheri", ko ya yi shiru. Duk waɗannan shaida ce kawai cewa saƙo ya iso. Kada ku fassara masa zuciyarsa. Ku rubuta cewa ya ga saƙon, bai bayyana matsayinsa ba, in kuma da hali ku kira shi ku tambaya kafin ku tura.

Ga yadda zan rubuta wa shugaban:

"Ranka ya daɗe, har yanzu ba a cimma matsaya kan sola ba. Ƙiyasin da ke aiki shi ne na Laraba, miliyan 4 da dubu 600. Na Litinin ya daina aiki. Ma'aji ta yarda ranar Talata bisa sharaɗin farashin dillalai uku, ɗaya ne ya zo. Manajan reshe ya amince da tsohon ƙiyasi ranar Alhamis, ba ya cikin waɗanda aka tura wa sabon. Mataimaki ya gani ranar Laraba, bai ce komai ba. Abin da ake jira daga gare ka: a nemo sauran farashi biyu, ko ka kira zama."

Matsaya ce a layin farko, kowane suna kuma da ranar saƙonsa, don mai shakka ya koma ya duba da kansa. Ku haɗa takardar ƙiyasin Laraba kaɗai, bayan kun buɗe ta kun ga adadin, domin injiniyoyi kan turo tsoho da sabo da suna iri ɗaya.

Kafin taƙaitawar ta isa teburin shugaba, ku tura wa duk wanda kuka ambata, kuna cewa wanda aka yi kuskure a matsayinsa ya gyara kafin ƙarfe 12 na ranar gobe. Manajan reshe ku haɗa masa da sabon ƙiyasin, ku tambaye shi kai tsaye ko ya yarda da ƙarin dubu 600.

Naku a bakin aiki,
wani sakatare