Ɗanyen mai, dala da buhun taki: yadda farashin ganga yake isowa gonarka

'Yan uwa manoma, duk lokacin da farashin taki ko maganin feshi ya tashi, amsar da mai shago yake bayarwa ɗaya ce: "Dala ce ta hau." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Me ya sa dalar take hawa? A Najeriya, sau da yawa maganar tana farawa ne daga farashin gangar ɗanyen mai a kasuwar duniya. Wanda ya gane wannan zaren zai iya hango tsadar kayan noma watanni kafin ta iso shagon garinsu.

Dala ma haja ce

Mu fara da abin da kowa ya sani. A lokacin kaka, idan masara ta cika kasuwa, farashinta yakan faɗi. Da bazara kuwa, idan rumbuna sun yi ƙasa, sai ya tashi. Haka dala take. Akwai masu kawo ta, akwai masu neman ta, farashinta da naira kuma yana bin yawanta ne.

Masu nema suna da yawa: masu shigo da alkama, magunguna, injina, kayan gyaran mota, sinadaran haɗa taki da maganin ciyawa, ga maniyyata aikin Hajji da masu biyan kuɗin makaranta a waje. Wanda zai sayar musu da kaya a Sin ko Indiya ba ya karɓar naira, dole su nemi dala. Amma ta ɓangaren masu kawowa, babbar hanya guda ce. Shekara da shekaru, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na kuɗin da Najeriya take samu daga sayar da kaya a waje, daga ɗanyen mai da iskar gas yake fitowa. Riɗi, koko, citta, zoɓo da kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje suke aikowa gida suna taimakawa, amma mai ne uban tafiya.

Ka ɗauke shi kamar gidan da yake da baki talatin, amma gona ɗaya ce take ciyar da shi. Duk shekarar da gonar nan ba ta yi ba, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa.

Abin da ya faru daga 2014 zuwa 2017

A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar mai sama da dala 100. Zuwa watan Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Mu yi lissafi mai sauƙi: a ƙaddara ƙasa tana sayar da ganga miliyan 2 a rana. A kan dala 100, kuɗin ya kama dala miliyan 200 kullum. A kan dala 30 kuwa, miliyan 60 ke nan. Man bai ragu ba, amma an rasa kashi 7 cikin 10 na kuɗin. Su kuwa masu neman dala suna nan yadda suke, domin ba a daina cin burodi ko shan magani ba.

Naira ba ta faɗi a rana ɗaya ba, saboda Babban Bankin Najeriya yana da nasa rumbun, wato asusun ajiyar kuɗaɗen waje. Idan dala ta yi ƙaranci, sai ya ɗebo daga ciki ya sayar don ya riƙe farashi. Amma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙarshensa sananne ne. Asusun ya sauko daga sama da dala biliyan 40 a farkon 2014 zuwa wajen biliyan 24 a ƙarshe-ƙarshen 2016.

Shi ya sa faɗuwar ta zo daki-daki. A 2014 farashin gwamnati yana wajen naira 155 zuwa 160 a kan dala ɗaya. A watan Nuwamba aka mayar da shi 168, a Fabrairun 2015 ya koma wajen 197. A watan Yunin 2015 bankin ya hana ba da dala ga masu shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa, don ya rage masu nema. Da abin ya ƙi, a Yunin 2016 aka saki naira, ta wuce 280, daga baya ta tsaya wajen 305. A wurin 'yan canji kuwa, irin su Wapa a Kano, dala ta haura naira 500 a Fabrairun 2017.

Ku lura da tazarar: mai ya fara faɗuwa a tsakiyar 2014, amma babbar girgizar naira sai bayan kusan shekara biyu. Wannan tazarar ita ce damar manomi mai sa ido.

Me ya sa a 2022 mai ya tashi amma naira ba ta farfaɗo ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce take nuna iyakar wannan magana. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022, ganga ta sake haura dala 100, amma dala ta ci gaba da tsada a kasuwar bayan fage, har ta wuce naira 700 kafin ƙarshen shekarar.

Dalili na farko, farashi rabin lissafi ne, ɗaya rabin shi ne yawan gangunan. Satar mai da fasa bututu a yankin Neja Delta sun sa abin da ake haƙowa ya sauka ƙasa da ganga miliyan 1 a rana a wasu watannin shekarar. Kowa ya san farashin kirki ba ya amfanar wanda gonarsa ba ta yi ba. Na biyu, a lokacin matatun ƙasar ba sa aiki, kusan duk fetur ɗin da ake sha daga waje ake sayo shi, ga kuma tallafin mai a kai. Idan ɗanyen mai ya yi tsada, tataccen ma ya yi, sai ya zama abin da ya shigo ta hannun dama ya fita ta hagu. Na uku, gwamnati ta riƙa cin bashi mai yawa daga Babban Banki, naira ta yi yawa a gari tana bin dala kaɗan.

Saboda haka da aka janye tallafin mai, aka kuma saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 ta wuce 750, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Matsin da aka daɗe ana dannewa ne ya fito lokaci guda.

Yadda abin yake shiga buhun taki

Takin kamfa a nan gida ake haɗa shi, amma sinadarin fosfet daga waje ake kawowa, musamman Moroko, fotash kuma daga ƙasashe irin su Rasha. Da dala ake biya. A ƙaddara kayan wajen da suke cikin buhu ɗaya sun kai dala 20. A canjin 460, naira 9,200 ke nan. A canjin 1,500 kuwa, naira 30,000. Buhu ɗaya ne, nauyi ɗaya, kamfanin wajen bai ƙara ko sisi ba, amma kai an ƙara maka naira 20,800 kafin a sa kuɗin mota da ribar dila.

Wani zai ce, to yuriya fa, da ake yin ta a Legas da Fatakwal da iskar gas ɗinmu? Ita ma tana bi, domin mai kamfani yana iya loda ta a jirgi ya sayar da dala a waje, don haka farashin gida ba ya nisa da na can.

Ta ɓangaren sayarwa kuma manoma sun kasu biyu. Mai riɗi, zoɓo ko citta, kayansa na fita waje ne, idan naira ta faɗi kuɗinsa da naira yakan ƙaru, matuƙar farashin duniya bai sauka ba. Mai masara da dawa kuwa, da dala yake sayen taki a kaikaice, amma da naira yake sayarwa, kuma farashinsa yakan biyo baya a makare. Abin da yake ɗan ɗaga shi shi ne maƙwabta. Sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye, ba ta bin gangar mai yadda naira take yi, ko da a Chadi da take sayar da mai. Idan naira ta faɗi, hatsinmu yakan yi wa mai sefa araha, sai fatake su yawaita a Dawanau, Illela da Maigatari.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Haka kuɗin Zambiya yake bin farashin tagulla, na Angola kuma yake bin mai.

Abin da ƙungiya za ta sa wa ido

Abu uku sun isa, kuma duk ana jin su a labaran rediyo. Na ɗaya, farashin ganga: faɗuwar mako ɗaya ba komai ba ce, amma idan ta shafe wata uku ko huɗu tana ƙasa, a fara shiri. Na biyu, yawan gangunan da ake haƙowa a rana. Na uku, tazara tsakanin farashin dala a banki da na 'yan canji. Idan tazarar tana faɗaɗa, alama ce dala ta yi ƙaranci, kuma tarihi ya nuna farashin banki ne yake zuwa ya tarar da na 'yan canji.

Idan alamun nan suka haɗu, kada ƙungiya ta ajiye kuɗin taki a asusu tun daga kaka har zuwa faɗuwar damina. Gara a haɗa kuɗi a sayi taki da wuri, a jera shi a kan katako a ɗaki marar danshi, buhu a rufe, domin yuriya tana jan raɓa ta dunƙule. Maganin feshi kuma a duba ranar lalacewarsa kafin a saya da yawa.

Sannan a daina auna riba da yawan naira kawai. A tambaya: buhun masara nawa ne yake sayen buhun taki ɗaya? Idan bara buhu ɗaya ya saya, bana kuma sai ɗaya da rabi, to an ci baya ko da kuɗin masarar ya ƙaru. Wannan ma'aunin shi zai nuna ko ya kamata a rage filin masara a ƙara waken soya, wake ko gyaɗa, waɗanda ba sa cin yuriya sosai, ko a sa riɗi inda ƙasa ta dace da shi.

A kuma yi hattara da ɗaya ɓangaren. Ɓoye hatsi da fatan dala za ta ci gaba da hawa caca ce. Idan naira ta tsaya, ko gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci, farashin hatsi yana iya faɗuwa da sauri alhali taki bai sauko ba, kamar yadda masu masara da shinkafa suka gani a 2025. Hanya mafi aminci ita ce a raba amfanin gona: kashi ɗaya a mayar da shi taki da iri tun da kaka, kashi ɗaya a bar wa gida, sauran a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda kasuwa ta nuna.