Furojet ɗinka na iya mutuwa tun kafin ka raba takardar gwaji

Yau zan taɓo wata al'ada da ke kashe mana aiki.

A wajen difens na ga wani ɗan uwanmu da ya gwada hanyoyin koyarwa biyu, ɗalibai 20 a kowane rukuni. Bai samu bambanci ba, sai ya rubuta wai sabuwar hanyar ba ta da amfani. Da malamin da aka gayyato daga waje ya tambaye shi ina ya samo 20, shiru kake ji. Wallahi na tausaya masa, domin mu ma haka muke yi: ko a ce "30 ta isa", ko a kwafo lissafin Taro Yamane daga tsohon furojet. Shi kuwa Yamane na ƙiyasta kaso ne a cikin jama'ar da aka san yawanta. Babu ruwansa da kwatanta matsakaicin rukuni biyu.

Tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce: in da gaske akwai bambanci, wace dama nake da ita ta gano shi? Wannan damar ita ce ƙarfin gwaji, kuma an saba neman kashi 80 cikin 100. A kan haka, da `α = 0.05` ta ɓangare biyu, ga lissafin kowane rukuni:

```
n = 16 × SD² / d²
```

`SD` shi ne yadda maki ke warwatse, za ka same shi a binciken baya ko a ɗan gwajin share fage. `d` kuma shi ne mafi ƙarancin bambancin da ya isa a damu da shi. A ce `SD` maki 10 ne, kana son gano bambancin maki 5. Sau 16 na 100 ya ba da 1,600, raba da 25, ka samu 64 a kowane rukuni, jimla 128. In kana tsammanin kashi 10 za su zille, fara da 72.

Da mutum 20 ɗin ɗan uwanmu, damarsa kusan ɗaya bisa uku ce. Ko da hanyar tana aiki, sau biyu cikin uku zai dawo hannu rabbana.

Na san za a ce babu kuɗi, babu lokaci. Gaskiya ne, amma kada ka kumbura `d` don adadin ya sauko. Kuma ka lura, neman bambancin maki 2.5 na buƙatar 256 a kowane rukuni, ninki huɗu ke nan. In 128 ta fi ƙarfinka, sauya tambayar, ko ka faɗa ƙarara cewa babban bambanci kaɗai aikinka zai iya gani.

G*Power kyauta ne. Zaɓi `t tests` da `A priori`, ka kai wa sufabaiza lissafin tun a babi na uku. Allah ya ba mu sa'a.