Turmi Nawa Ne Buhun Riɗi?

Na gaji da jin magana biyu a kan atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari. Masu ta farko sun ce 'yan Sin sun fi mu iya komai, saboda haka duk cinikin da za mu yi da su cuta ce, a rufe ƙofa. Masu ta biyu, kuma su ne suka fi ba ni haushi domin sun je makaranta, sun ce ilmin tattalin arziki ya riga ya yanke hukunci: mu bar wa Sin saƙa, mu koma gona. Dukkansu sunan lissafi ɗaya suke kira, babu kuwa wanda ya zauna ya yi lissafin har ƙarshe. Ana wannan surutu ne alhali motoci na ta sauke diloli a bakin Titin Ibrahim Taiwo, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa kuwa da yawansu a garƙame.

Lissafin na David Ricardo ne, a littafinsa na 1817, inda ya gwada Ingila da Fotugal a kan tufafi da giya. Bari mu yi shi da kayanmu, atamfa da riɗi, tunda riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana cikin abin da muke fitarwa zuwa Asiya. Alƙaluman nan misali ne na tsara don sauƙin lissafi. Suna nuna abin da ma'aikaci ɗaya zai samar a wata guda idan ya tsaya a kan abu ɗaya.

| Ƙasa | Turamen atamfa | Buhunan riɗi |
|---|---|---|
| Najeriya | 4 | 2 |
| Sin | 24 | 4 |

Sin ta fi mu a duka biyun, ninki shida a atamfa, ninki biyu a riɗi. A nan masu cewa a rufe ƙofa suke tsayawa su fara kururuwa. Amma tambayar da ta dace ita ce: me kowa yake sarayarwa kafin ya samu buhu ɗaya? Ma'aikacinmu in ya noma buhu biyu, turmi huɗu ya bari, ke nan buhu ɗaya ya ci masa turmi 2. Na Sin in ya noma buhu huɗu, turmi ashirin da huɗu ya bari, buhu ɗaya ya ci masa turmi 6. Riɗi ya fi araha a wurinmu duk da na Sin ya fi mu hannu. A juya ta ɗaya gefen: turmi ɗaya yana cin mu rabin buhu, shi kuwa kashi ɗaya cikin shida na buhu kawai. Atamfa ta fi araha a wurinsa.

Daga waɗannan lambobi biyu iyakar ciniki take fitowa. Ba za mu sayar da buhu ƙasa da turmi 2 ba, domin gara mu saƙa abinmu. Shi ma ba zai biya sama da turmi 6 ba, domin gara ya noma nasa. Duk farashin da ya faɗa tsakanin 2 da 6, kowa ya ƙaru. A turmi 4, ma'aikacinmu ya noma buhu biyu ya karɓo turmi 8, maimakon 4 da zai saƙa da hannunsa. Mutumin Sin ya biya 4 a kan abin da zai ci masa 6 a gida. Maganar cewa wanda ya fi ka komai ba zai yi ciniki da kai ba sai da cuta, ta mutu a nan.

To, sai masu digiri su nade takarda su tashi, a daidai wurin da maganar take fara zafi. Tsakanin 2 da 6 akwai ribar turmi huɗu a kowane buhu, jadawalin kuma bai ce ga wanda zai ci ta ba. In farashi ya tsaya a biyu da rabi, mu mun samu rabin turmi, Sin ta kwashi uku da rabi, kuma a takarda har yanzu za a rubuta cewa kowa ya amfana. Abin da yake tura farashi sama ko ƙasa shi ne yawan masu saye da kake da su, da tsaftar kayanka, da ƙarfinka na jira. Manomin da ya ci bashin taki, ba shi da rumbun ajiya, dole ya sayar da kaka ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Wannan mutum a gindin iyaka yake zaune kowace shekara.

Sannan ga hanya. Jadawalin ya ɗauka buhu yana tashi daga Dawanau ya faɗa cikin jirgin ruwa kyauta. Alhali sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Legas, ya biya man dizal, ya biya kuɗin shinge bayan shinge, ya jira a tashar jirgi. A ce mai saye ya biya turmi 4, hanya ta ci ɗaya: saura 3, riba ta ragu da rabi. In hanya ta ci biyu, saura 2, manomi ya dawo daidai inda yake kafin a yi cinikin. Ba ɗan Sin ne ya kafa shingayen nan ba. Mu ne muke cinye ribar manominmu tun kafin ta ga teku, sannan mu hau mumbari muna zagin baƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake ɗaukar lambar 4 ɗin nan ta atamfa kamar ƙaddara ce aka haife mu da ita. Ma'aikacin da injinsa ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, masana'antarsa ke ƙona baƙin mai da dizal don ta samu tururi da lantarki, dole ya saƙa kaɗan. A ba shi wuta tsayayya, a ce ya kai turmi 10: buhu ya koma cin mu turmi 5, iyakar ciniki ta matse zuwa tsakanin 5 da 6. In ya kai 14, buhu ya ci mu turmi 7, ya zarce 6 na Sin, lissafin ya juye gaba ɗaya. Mu ne ya kamata mu sayar da atamfa, alhali 14 bai ko kusanci 24 ba. Ba sai mun kamo su ba, abin da ake bukata mu sauya gwargwadon da ke tsakanin kayan biyu a gidanmu.

Kuma lissafin gaba ɗayansa ya tsaya ne a kan cewa wanda ya bar masaƙa ya shiga gona. Lokacin da aka rufe masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007, dubban ma'aikata suka rasa aiki, ba kuma wanda ya raba musu gonakin riɗi. Mutumin da aka sallama ya zauna ba aiki, turmi huɗunsa sun tafi, buhu biyun ba su zo ba. Duk wanda ya ce wa irin wannan magidanci ƙasa ta ci riba, ya fara nuna masa inda buhunan suke.

Gwamnati kuwa me ta taɓa a cikin wannan duka? A Maris 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati. A Oktoba 2023 aka ɗage hanin tare da na sauran kayayyaki. Hana dala yana tsadantar da turmi ga matar da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta, yana kuma buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa, amma ba ya ƙara ko yadi ɗaya a abin da ma'aikacin Sharaɗa zai saƙa a wata. Sama da shekara huɗu aka yi ana wasa da farashi, lambobin da ke cikin jadawalin suna nan yadda aka same su.