Bidiyon neman ma'aikaciya: abin da za a faɗa cikin minti ɗaya

Ƙungiyoyi da dama cikinmu sun wuce matakin zubi da rabo kawai. Wasu na da injin matsar man gyaɗa, wasu ɗakin ɗinki, wasu ɗan shago a bakin kasuwa. Idan sana'a ta kai nan, akwai ranar da hannun mambobi ba ya isa, dole a ɗauki wata a riƙa biyanta. Yanzu kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ɗan gajeren bidiyo a tura a WhatsApp.

Matsalar ita ce yawancin bidiyon da ke zuwa mana a waya iri ɗaya ne. Shugaba ta yi doguwar gaisuwa, ta ce "muna neman yarinya mai hankali da riƙon amana, mai so ta kira", shi ke nan. To, wace ce za ta ce ba ta da hankali? Waya ta yini tana kuka, rabi bip ne, rabi masu tambayar "wane irin aiki ne?" da "nawa ake biya?". Wadda ta iya aikin da gaske kuwa, sau da yawa ba ta kira, domin ba ta son ta ɓata kuɗin wayarta a kan abin da ba a fayyace ba.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiya ce a Maraɗi mai yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana da shago, tana son mace ɗaya da za ta zauna ta sayar, ta rubuta ciniki a kaye. Kafin a taɓa waya, a zauna a taron mako a yanke abubuwan da za a faɗa: aikin, lokacinsa, kuɗin, da wadda za ta amsa masu nema. Idan ba a yanke su a taro ba, shugaba za ta faɗi wani abu a bidiyo, ma'ajiya ta faɗi wani a waya, kuma rigima ta fara tun ba a ɗauki kowa ba.

Ga rubutun da za a iya karantawa:

"Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Maraɗi tana neman mace ɗaya mai zaman shago. Aikin shi ne awon mai, sayarwa, rubuta ciniki a kaye, da share shago. Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana. Albashi jika 42 a wata. Muna son wadda ta kai shekara 18, ta iya rubuta lamba da lissafin canji, kuma gidansu sun amince. Ba a biyan ko dala don neman aikin nan. Kada a kira. A turo saƙon murya a lambar nan, a faɗi suna, unguwa, da amsar wannan: an sayi lita 2 a jika da rabi kowace, an ba ki jika 5, nawa ne canji? Za mu rufe ranar Alhamis 14 ga watan Mayu."

Wannan bai kai kalma 120 ba. Mace mai magana a natse tana faɗin kusan kalma biyu a daƙiƙa, saboda haka zai shiga cikin minti ɗaya, sai ɗan abin da karanta lambar waya zai ƙara. Dalilin taƙaitawar a fili yake: dogon bidiyo yana cin mega, wadda ke da kaɗan ba za ta buɗe shi ba, kuma idan an sa shi a status ana iya yanka shi gutsi-gutsi, mutane su kalli na farko su wuce. Shi ya sa jimlar da ke bin sallama ta faɗi komai: su wa ke nema, a wane gari, mutum nawa, wane aiki. Gaisuwar malamai da sarakuna da ƴan uwa na nesa, a bar ta sai ranar walima.

Inda muka fi samun gardama a tarurruka shi ne batun faɗin kuɗi. Wasu na cewa kada a faɗa, kowa zai san sirrin ƙungiya, ko kuma ana iya samun wadda za ta yarda da ƙasa da haka. Mu dai ra'ayinmu a faɗa. Wadda ta zo ba ta san albashi ba, ta zo da nata lissafi a ka. Idan ta ji abin bai kai ba, ko ta tafi bayan kun ɓata yini kuna hira da ita, ko ta karɓa don kunya ta gudu bayan sati biyu, lokacin da kuka gama koya mata awo. A kuma faɗe shi yadda ba za a ruɗe ba. Mu nan muna ƙirga da dala da jika, masu lakkwal kuma suna rubuta sefa. In an ce "dubu takwas" kawai, wata ta ji dala dubu takwas, wato jika 40, wata ta ji jika 8. A ce jika, a kuma rubuta 42.000 F a takarda a nuna.

Ba da ka muka zaɓi jika 42 ba. Shi ne mafi ƙarancin albashin wata da hukuma ta tsayar a Nijar tun farkon shekarar 2024, wanda ake kira SMIG. Kafin nan jika 30 ne da ƴan kai. Ƙungiyar da ribar shagonta ba ta kai ta biya haka ba, gara ta rage aikin, ta ce kwana uku a sati ko ranakun kasuwa kaɗai, ta faɗi kuɗin yini. Wannan ya fi a yi alkawarin wata cikakke, ƙarshen wata ya zo a fara laluben akwatin zubi. Kuɗin zubi na mambobi ne, albashi daga cinikin shago ya kamata ya fito, kuma ma'ajiya ta duba kayen wata uku na baya kafin a ambaci kowace lamba.

Ku lura a rubutun babu "mai hankali", babu "mai tsoron Allah". Ba don ba ma son su ba, sai don ba a tantance su ta waya. Abin da aka sa su ne waɗanda mace za ta iya auna kanta da su tana zaune a ɗakinta: shekaru, rubuta lamba, canji, yardar gida. Na ƙarshen nan kada a raina shi. Mun sha ganin an ɗauki mace ranar Litinin, ranar Laraba maigida ya ce bai san zancen ba. Haka ma "share shago": idan yana cikin aikin, a faɗe shi a bidiyo. Aikin da aka ɓoye shi ne ke zama "ai ba haka muka yi da ku ba".

Sai ƴar tambayar canji, wadda ita ce matatar gaba ɗaya. Lita 2 a jika da rabi jika 3 ke nan, canji jika 2. Ba wuya gare ta ba, kuma da gangan ne. Tana nuna abu biyu: mai neman ta saurari bidiyon har ƙarshe, kuma ta iya bin umarni. Wadda ta turo "slm ina so" ko ta yi bip sau biyar ta riga ta ba ku amsa. Wata za ta ce ai ana iya faɗa mata amsar. Gaskiya ne, shi ya sa ranar da aka kira ta ake sake mata wata da kuɗi a hannu. An zaɓi saƙon murya ne don akwai mata da yawa masu kaifin lissafi da ba su saba rubutu a waya ba, kuma a murya za ku ji yadda za ta yi wa mai saye magana. In da aikin ɗinki ne, sai a ce ta turo hoton riga biyu da ta ɗinka, har da cikin, inda ake ganin tsabtar ɗinki.

Unguwa kuma don lissafin hanya ne. Idan sai ta hau kabu-kabu zuwa da dawowa, a ce dala 100 kowace tafiya, jika guda ke nan a yini, jika 26 a kwana 26 na aiki. Me ya rage cikin 42? Irin wannan ba za ta daɗe ba, ko da tana da niyya.

Jimlar "ba a biyan ko dala" tana kare sunan ƙungiya. Bidiyo yana fita hannunku da zarar an tura shi, kuma akwai masu ɗaukar tallar aiki ta gaskiya su ce sai an ba su kuɗin rajista kafin su kai mutum. Ranar rufewa ma haka: a faɗi rana da wata, kada a ce "nan da sati ɗaya", domin bidiyon zai ci gaba da yawo daga Damagaram har Tawa bayan wata shida, ana ta kiran ku. Kwana biyar zuwa bakwai sun isa.

Wajen ɗauka ba ya son dogon bayani. A tsaya a ƙofar shagon da safe, haske na fuskar mai magana, ba bayanta ba, a kashe injin, a riƙe wayar a tsaye kusa da ita don murya ta fito. A nuna jarkokin mai da mudun awo na ƴan daƙiƙu, mai kallo ta ga wurin na gaske ne. Kada akwatin kuɗi ko inda ake ajiye makulli su shiga hoton. Lambar waya a rubuta ta da manyan lambobi a kwali, a karanta ta sau biyu, kuma ta zama ta mutum ɗaya, sakatariya ko wadda taro ya zaɓa. Kafin a tura, a kunna wa wata da ba ta cikin ƙungiya sau ɗaya, a tambaye ta: wane aiki, nawa, yaya ake nema, yaushe ake rufewa? Inda ta yi tuntuɓe, nan za a gyara a sake ɗauka.

Bayan ranar rufewa, mutum biyu ko uku su saurari saƙonnin tare, don kada a ce sakatariya ta zaɓi ƴar ƙanwarta. In ƴar wata mamba na so, ta turo nata saƙon kamar kowa. A zaɓi uku, kowace ta zo ta yi yini ɗaya na gwaji, a biya ta kuɗin yinin, kamar jika 2, ko an ɗauke ta ko ba a ɗauka ba. Sauran da suka amsa tambayar daidai, a tura musu gajeren saƙon godiya cewa an samu, a rubuta lambobinsu a bayan kaye, domin lokacin kakar gyaɗa za a nemi ƙarin hannu.