Wasan rediyo ba ya zama fim don kawai an kunna masa kyamara

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. Kwanan nan na ga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da dama a nan yankin Haɗeja suna ɗauko tsofaffin rubuce-rubucensu na rediyo suna mayar da su bidiyo don YouTube da TikTok. Abu ne mai kyau. Amma yawanci kuskure ɗaya ake yi, kuma ni ma na yi shi, har ya ci mana kuɗi.

2/ Kuskuren shi ne a ɗauko rubutun yadda yake, a tsayar da 'yan wasa gaban kyamara su karanto shi. Sai ka ga mutum tsaye cikin ruwa yana cewa "Kai! Ga ruwa ya kawo min gwiwa!" To ai muna gani, malam. An rubuta wannan layin ne don mai sauraro da ba shi da ido a wurin.

3/ Bari in ba da misali da namu. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, mun rubuta ɗan wasan rediyo a kan jinga. Duk ɗan bakin kogin Haɗeja ya san zancen: a tara buhunan ƙasa a tare ruwa, matasa su kwana suna gadi.

4/ Labarin a taƙaice: wani manomi, Ɗanjuma, ya ga ruwa zai cinye shinkafarsa. Cikin dare ya je ya fasa jingar ta wani gefe don ruwan ya sauka, sai ya sauka a gonar maƙwabcinsa Malam Sale. Duk wasan a kan tambaya ɗaya yake tafiya: wa ya fasa?

5/ A rediyo, shaidar sauti ce. Fitowar dare: kukan kwaɗi, ƙarar shebur na sarar laka, sai wani keke ya tashi, sarƙarsa na ƙara ƙiii-ƙiii. Ba wanda ya yi magana. Kashegari ana jaje a ƙofar gidan Malam Sale, sai ga wannan ƙarar ta iso, an jingine keke, muryar Ɗanjuma ta yi sallama.

6/ Mai sauraro ya gane kafin mutanen cikin wasan su gane, kuma daɗin wasan ke nan. Wata dattijuwa a unguwarmu har tsawa ta yi wa rediyonta, wai "ga shi nan, ku kama shi!"

7/ Da muka zo bidiyo, muka yi abin da ya fi sauƙi: muka ɗauki dare, muka ɗora ƙarar keken a kai. Ya lalace ta hanya biyu. In kyamara ta nuna keken, ta nuna mai keken, asiri ya tonu a minti na biyu. In ba ta nuna ba, allo baƙi ƙirin ne, mai kallo yana zaton wayarsa ce ta samu matsala.

8/ Ga kuma abin da ba mu lissafa ba. Mai rediyo kunnensa kaɗai yake aiki, komai ƙanƙantar sauti zai kama. Mai kallo a waya yana teburin mai shayi, ga janareta, ga babura, idonsa ya tafi kan fuskar ɗan wasa. Muka nuna wa mutum shida, ba wanda ya ambaci keke. Ko ɗaya.

9/ Daga nan na koyi tambayar da ya kamata a yi wa kowane sauti a rubutun. Ba "yaya za mu nuna wannan ƙarar?" ba. A'a: "mene ne wannan ƙarar take gaya wa mai sauraro?" Ƙarar kekenmu abu ɗaya take faɗa: wanda ya je jinga da dare shi ne wanda ya zo jaje da safe. Keken kansa ba dole ba ne.

10/ Da muka gane haka sai muka bar keke, muka nemi abin da ido zai iya bi daga dare zuwa safe ba tare da ya ga fuska ba. Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Ƙasar fadama baƙar laka ce mai danƙo. Ƙasar tudu, inda gidajen suke, rairayi ne mai haske. Yaron Auyo ma ya san bambancin.

11/ Sabuwar fitowar dare: tocila ɗaya a yashe a ƙasa, haskenta na kan ƙafafu da shebur kawai. Ƙafa ta nutse a laka har ƙauri. Hannu ya jawo buhu ɗaya, ruwa ya fara tsartuwa ta wurin. Ƙotar shebur ɗin an ɗaure ta da jan tsumma inda ta tsage. Ba fuska, ba magana.

12/ Da safe Ɗanjuma ya zo jaje, yana rantsuwa shi a gida ya kwana tun bayan isha'i. Ya tsuguna gaban dattijo yana "Baba, sai haƙuri, ikon Allah ne." Matar Malam Sale ta fito da ruwan sha, za ta ajiye kwano, idonta ya sauka kan bakin wandonsa. Baƙar laka. Ta ɗan dakata, sannan ta ajiye.

13/ Wannan dakatawar ita ce ta maye gurbin ƙiii-ƙiii. Ku lura, ba lakar ce kaɗai ba. Laka a wando kaya ne kawai, kamar hula ko tabarma. Sai da wani ya gan ta, ganin ya canza abin da hannunsa yake yi, sannan ta zama shaida. Shi ya sa nake cewa a nemi aiki, ba abin nunawa ba.

14/ Kunne sauti ɗaya kake ba shi, dole ya ji. Ido kuwa abu ɗari ne a allo ɗaya: katanga, akuya, yara masu leƙe. Don haka shaida a bidiyo sai an kai mai kallo gare ta. Mu ɗauka uku muka yi a jere: fuskarta tana kallon ƙasa, wandon a kusa sosai, sai fuskarta kuma.

15/ Ko a nan ma sai da muka sha wuya. Ranar farko ɗan wasanmu ya zo da wando mai duhu, laka ba ta fito ba sam. Muka sauya masa fari. Sai kuma rana: laka in ta bushe takan koma toka-toka, a ɗauka ta huɗu ba ta yi kama da ta farko ba. Dole yaro ɗaya ya tsaya da bokitin laka yana sabuntawa.

16/ Jan tsumman shebur kuwa mun ajiye shi sai can gaba. Ana aikin gayya don toshe inda ya fashe, kowa ya zo da kayan aikinsa, sai ga shebur ɗin a hannun ɗan Ɗanjuma. Wanda laka ta wuce shi, wannan ba za ta wuce shi ba. Shaida ɗaya a rediyo, a bidiyo sai da ta zama biyu.

17/ Na biyu shi ne tashin ruwa. A rediyo, ƙarar ruwan ake ƙarawa a hankali, mutane na ta faɗin inda ya kai. Layuka goma sha ɗaya na ƙirga a rubutunmu da ba su da wani aiki sai wannan. Duk mun goge su. Marubucin da muka yi aikin tare sai da ya yi kwana biyu ba ya amsa sallamata da kyau.

18/ Abin da muka sa a madadinsu ba mu muka ƙirƙira ba. Mutanen bakin kogi sukan kafa kara ko sanda a gaɓa, su yi alama, su dawo su duba. Sai muka sa Malam Sale ya kafa sanda da la'asar, ya tsaga mata alama uku da wuƙa. Da magariba ruwa ya ci ɗaya. Da asuba ya zo da tocila, kan sandar kawai ya rage.

19/ Ga sirrin ɗaukar: ba mu jira ruwa ya tashi ba, sandar muka riƙa dannawa ƙasa. A wani ɗan kududdufi mara zurfi muka yi, kyamara na kusa don kada gaɓa ko kacalla su fito a baya su tona mu. Kuma don Allah kada wanda ya kai 'yan wasa cikin ainihin ambaliya a Satumba don neman hoto mai kyau.

20/ Wani zai ce, to Samanja fa? Marigayi Usman Baba Pategi ya yi a rediyo, ya yi a talabijin, magana ce ƙarfin wasan, kuma duk Arewa ta kalla. Gaskiya ne. Amma can maganar ita ce abin da aka zo ji, wannan gurɓatacciyar Hausar barikin soja. Ba ita nake cewa a yanke ba.

21/ Layin da nake cewa a yanke shi ne wanda yake yi wa ido aiki: "ga Malam nan tafe", "me ka riƙe a hannu haka?", "dare ya yi". Amma rantsuwar Ɗanjuma cewa a gida ya kwana ta zauna daram, don yanzu tana karo da abin da muke gani. Baki na faɗin ɗaya, wando na faɗin wani.

22/ Sauti ma ba mu kore shi duka ba. Akwai wurin da matar Malam Sale ke kwance, sai ta ji kururuwar masu gadin jinga daga nesa. Ba mu da kuɗin nuna jinga na ɓallewa, kuma ba ma buƙata. Kururuwar na waje, kyamara na kanta: ta zabura, ta goya yaro, ta ɗora buhun gero a kan turmi.

23/ Inda na yarda rediyo ya fi mu shi ne tunanin zuci. Akwai inda Ɗanjuma ke magana da kansa a bakin jinga, yana lissafin bashin taki. Mun gwada ya tsaya da shebur a sama ya yi jim, ya waiga gonarsa, sannan ya sara. Ya nuna yana shakka, amma bashin ya ɓace. Sai da muka ƙara fitowa guda da mai taki.

24/ Gwajin da nake ba kowa shawara: in kun gama haɗawa, ku kashe sautin gaba ɗaya, ku miƙa wayar ga wanda bai san labarin ba. Kada ku ce masa komai. In ya gama ku tambaye shi abu uku: a ina ake, me ya faru, wa kake zargi.

25/ Mu ƙanwata muka ba, 'yar aji uku a sakandare. Wajen dare ta yi shiru. Da aka zo wajen kwanon ruwa sai ta mayar da bidiyon baya da yatsa, ta ƙura ido, ta ɗago ta ce, "Yaya, wannan mai farin wandon ai fadama ya je."