Cin Farko da Abin da Ya Biyo Baya

Labarin gajere ne, kuma kusan kowace unguwa a Kano tana da irinsa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana tsaron shagon waya a Farm Centre, albashinsa naira 80,000 a wata, wato ya ɗan ɗara mafi ƙarancin albashi na 70,000 da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024. Wata Asabar a gidan kallon ƙwallo abokinsa ya ce masa, "Kai da ka san Firimiya kamar yunwar cikinka, me kake jira?" Ya sauke manhajar caca a wayarsa, ya zaɓi wasanni huɗu, ya sa naira 500. Kafin isha'i kuɗin sun zama 6,500. Ya sayi tsire, ya tura wa Umma kati, ya kwanta yana jin ashe ilminsa na ƙwallo yana da kasuwa.

Masu ba da irin wannan labari sukan yi tsalle daga nan zuwa ranar da ya sayar da babur. Ni tsakiyar ce ta fi damuna, domin a can lissafin yake, kuma ban yarda da cewa rashin sa'a ce ta kayar da shi ba.

Mu fara da wannan 6,500 ɗin. A ɗauka kowane wasa cikin huɗun nan ko dai a ci ko a faɗi ne, rabi da rabi. Da adalci za a yi, wanda ya sa 100 ya ci, 200 za a ba shi. Amma kamfani ba ya rubuta 2.00 a irin wannan wasa, sai ya rubuta kamar 1.90 a kowane ɓangare. Mutum biyu suka sa ɗari-ɗari a ɓangarori biyu, kamfani ya karɓi 200, ya biya 190, ya riƙe 10, ko wa ya ci. Idan aka haɗa wasa huɗu a tikiti ɗaya, damar a dace da duka ita ce ɗaya cikin 16. To ka ƙaddara samari 16 ne suka gwada a daren nan, kowa da 500 ɗinsa. Kamfani ya tara 8,000, ya ba mutum ɗaya 6,500, ya saka 1,500 a aljihu. Kuɗin da saurayin nan ya ci na sauran sha biyar ɗin ne, waɗanda suka tafi gida shiru ba wanda ya ji labarinsu. Kamfani bai yi asarar sisi ba, ya kuma samu abokin ciniki da zai riƙa dawowa.

Bayan mako biyu, wasa huɗu ya daina ƙosar da shi. Ya koma doguwar tikiti mai wasa goma, saboda adadin da manhaja ke nunawa a ƙasa ya fi cika ido. A nan ne gibin yake buɗewa, domin kason kamfani yana hawa kan kowane wasa da aka ƙara. Da farashin 1.90, naira 1,000 a wasa goma za ta biya kusan 613,000. Damar cin duka goman kuwa ɗaya ce cikin 1,024. Ma'ana, wanda ke yanka tikitin 1,000 kullum zai jira, a matsakaicin ƙiyasi, kusan shekara uku kafin ya ci sau ɗaya, ya zuba sama da miliyan ɗaya don ya karɓi 613,000. A wasa ɗaya kamfani na riƙe biyar cikin ɗari, a wasa goma ya kai kusan arba'in. Gaskiya ne kamfanoni suna ƙara garaɓasa a kan doguwar tikiti, kuma tana rage gibin, amma da tana cike shi da ba su tallata ta ba.

Abin da ya fi riƙe shi shi ne maganar da za ka ji a bakin duk mai wannan harka: "Wasa ɗaya ne ya yanke min." Yana nuna wa abokai tikitin, tara sun shiga, ɗaya ya ƙi. A zuciyarsa ya kusa. Amma a tikiti mai wasa goma, hanya goma ce ta faɗuwa da wasa ɗaya tak, alhali hanyar cin duka guda ɗaya ce. Saboda haka zai ga "saura ɗaya" sau goma kafin ya ga ci sau ɗaya, ko da da ido rufe ya yi zaɓin. Abin da yake ɗauka shaidar ƙwarewarsa sakamakon yadda aka gina tikitin ne kawai. Kuma labarin raunin ɗan wasa ko korar koci da yake taƙama da saninsa, masu tsara farashi sun riga shi ji, sun saka shi cikin lambar da yake dannawa.

Naira 1,000 a rana 30,000 ce a wata, fiye da sulusin albashinsa. Daga nan asarar ta fita daga waya ta shiga rayuwa. Zubin adashin da yake yi don kayan lefe ya fara tsallakewa, uwar adashi ta fara aike. Ya ci bashi a manhajar lamuni mai ruwa da gajeren wa'adi, irin waɗanda aka sha kuka da su kan tura saƙon tozarci ga lambobin da ke wayar wanda ya makara, har hukumar FCCPC ta fito da ƙa'idoji a kansu a 2022. Ranar da babu wasa sai ya koma ƙwallon kwamfuta, wadda ake kammala zagayenta cikin 'yan mintoci, babu ma abin da za a ce an sani a cikinta. Sannan ga cinikin shago yana bi ta hannunsa. Ya ari 20,000 da niyyar mayarwa kafin lissafin Juma'a. Ranar Juma'a Alhaji mai shagon ya duba littafi, ya dube shi, ya ce, "Yaro, ina cikon?" A kasuwa irin wannan, yaron shago yana jiran ranar da maigida zai sallame shi da jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. Wannan tambaya ɗaya ta rufe masa wannan ƙofar, kuma darajarta ta ninka duk abin da ya zuba a caca.

Ya san hukuncin caca tun yana makarantar allo, ya san Suratul Ma'ida ta jera ta da giya. Sanin bai hana shi ba, sai dai ya sa shi ɓoyewa, ɓoyewar kuma ta hana kowa tare shi da wuri. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, a Nuwambar shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar, ba tarayya ba. Shi dai bai taɓa taka shagon caca ba. Daga asusunsa yake tura kuɗi, yana kwance a ɗaki.

Da za a tambaye shi, zai ce ci da faɗuwarsa sun kusa yin kunnen doki, saboda ranakun ci yake tunawa. Hanyar ganewa ita ce ya buɗe bayanin asusunsa na wata shida, ya tara duk abin da ya tura wa kamfanin a gefe ɗaya, abin da ya ciro ya dawo hannunsa a ɗaya gefen. Kuɗin da ya ci ya bari a manhaja ya sake zubawa ba sa cikin lissafi, tunda ba su taɓa zama nasa ba.