Kafin ka sake ƙona data: x86 ko x64?



Duk lokacin da fayil ɗin girka manhaja ya ƙi buɗewa, shawarar da ake ba mutum a hostel ɗaya ce: "Ɗauko na x86 kawai, shi yana shiga kowace kwamfuta." Ni dai ban yarda da wannan shawara ba. Wani lokacin tana aiki, amma tana rufe ainihin matsalar, kuma a tsakiyar aikin bincike za ta dawo maka.

Sunayen ne ke fara rikita mutane. Ganin 86 ta fi 64, sai a ɗauka x86 ne sabo. Shi ne tsohon, mai bit 32, ya samo suna daga furosesar Intel 8086 ta 1978 da waɗanda suka biyo ta. Shi kuwa x64 shi ne mai bit 64. Idan ka ga amd64 a sunan fayil, duk x64 ɗin ne, kuma yana aiki a kan Intel. Windows mai bit 64 tana karɓar manhajojin bit 32, amma mai bit 32 ba za ta taɓa buɗe na 64 ba.

Mu ɗauki misali. Kana da laftof tokumbo mai Core i5 da ram 8GB, malamin da ke duba aikinka ya ce ka yi nazarin bayananka da R da RStudio. Ka danna fayil, Windows ta ce "This app can't run on your PC", ko mai girkawar ya ce tsarinka bai dace ba. Kar ka sauke komai tukuna. Shiga Settings, sai System, sai About, ka karanta layin System type. A irin waɗannan laftof ɗin ana samun wannan:

```
32-bit operating system, x64-based processor
```

Wato injin ɗinka mai bit 64 ne, wanda ya sa maka Windows ne ya sa tsohuwar iri. Duba layin Installed RAM kuma, za ka ga 8GB ɗinka an rubuta cewa uku da wani abu ne kaɗai ake iya amfani da shi, don bit 32 ba ya wuce 4GB. Ka biya kuɗin takwas, kana cin moriyar ƙasa da rabi.

A nan masu shawarar x86 za su ce ka nemo tsohon R. Gaskiya ne 4.1.3 zai shiga. Sai dai tun daga 4.2.0 da ya fito a 2022, R ya daina fitar da na bit 32 a Windows, RStudio ma ya riga shi dainawa. Gobe idan kana buƙatar sabon kunshi ya ƙi tsohon R, ina za ka? Maganin shi ne ka kwashe fayilolinka zuwa fulash, a goge a girka Windows mai bit 64 daga farko, domin ba a hawa daga 32 zuwa 64 ta hanyar sabuntawa. Aikin yini ɗaya ne, kuma gara yanzu da a bari sai saura mako guda a kare kundi.

Ban ce x86 ba shi da wuri ba. Idan layin ya ce x86-based processor, ba ka da zaɓi, na bit 32 ne naka. Sannan ko a Windows mai bit 64, idan tsohuwar manhaja mai bit 32 ta yi kukan babu MSVCP140.dll, vc_redist.x86.exe take so. Irin wannan fayil ɗin manhajar yake bi, ba Windows ba.

Idan kuwa layin ya ce 64-bit operating system, ka ɗauko x64, kuma duk da haka ya ƙi, to duba girman fayil ɗin ka gwada da wanda aka rubuta a inda ka sauko shi. Da irin netiwok ɗinmu, fayil yakan yanke a hanya, kuma saƙon da Windows ke bayarwa yakan zama iri ɗaya. Wannan sake saukewa yake so, komawa x86 ba zai gyara shi ba.

Wanda bai gane abin da nasa layin ke faɗa ba, ya ɗauki hotonsa ya turo, mu duba tare. Allah ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.